Lanƙwasasshen Takobi da Miƙaƙƙe Mai Kaifi Biyu: Bambancinsu a Hannun Mayaƙi

Takubba biyu ne wannan lacca ta sa a gaba, kuma ko da yake dukansu makaman hannu ɗaya ne waɗanda nauyinsu bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, kowannensu ya fito ne daga zamani daban, an kuma ƙera shi domin abokin gaba daban. Na farko shi ne miƙaƙƙen takobi mai kaifi biyu wanda baraden Turai suka yi ɗamara da shi tun daga wajen shekara ta 1000 har zuwa wajen 1500, wanda za a riƙa kira takobin ɗamara a nan, domin shi ne wanda barde yake ratayawa a kugu bayan ya sa sulke, ya zama madogararsa idan mashi ya karye. Ruwansa, wato ƙarfen da ke yanka, yakan kai santimita 70 zuwa 80, da wani miƙaƙƙen ƙarfe da aka gitta tsakanin ruwa da ƙota domin kare hannu, sannan da dunƙulen ƙarfe a gindin ƙota wanda ke daidaita nauyi. Na biyu shi ne lanƙwasasshen takobi mai kaifi ɗaya, wanda kaifinsa yake a bayan lanƙwasar, wato ɓangaren da ya turo waje, kuma misalin da za a fi tsayawa a kansa shi ne takobin da sojan dokin Ingila masu ƙananan makamai suka fara riƙewa a shekarar 1796, saboda an san wanda ya tsara shi, an san littafin da aka koyar da shi da shi, an kuma san abin da abokan gaba suka ce a kansa.

Siffar takobin ɗamara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin hawan salla a Kano ko Katsina ko Damagaram, domin takobin Hausawa da na Buzaye, haka kuma kaskara ta Sudan da Chadi, duk miƙaƙƙu ne masu kaifi biyu, kuma da yawa daga cikin ruwan da aka yi su da shi a ƙarni na 19 an ƙero shi ne a garin Solingen na Jamus aka ratso Sahara da shi, maƙeran gida suka yi masa ƙota da kube. Lanƙwasasshen kuwa asalinsa filayen ciyayi na tsakiyar Asiya ne, inda ya bayyana a hannun mahaya dawaki tun wajen ƙarni na 7 zuwa na 9, sannan ya yaɗu ya zama shamshir a Farisa, kilij a daular Usmaniyya ta Turkiyya, talwar a Indiya, shabla a Folan. Mutane da yawa suna ɗauka cewa takobin Larabawan farkon Musulunci lanƙwasasshe ne, saboda haka masu zane suka saba nuna shi, alhali kuwa abin da masu binciken tsofaffin makamai suka tabbatar shi ne miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, lanƙwasasshen ya shigo ƙasashen Musulmi ne daga baya tare da sojojin Turkawa.

Abin da ya fi kyau a fara warwarewa shi ne yadda kaifi yake shiga abin da aka sara, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Lanƙwasa ita kaɗai ba ta ƙara wa ƙarfe kaifi, amma tana canza yadda kaifin yake haɗuwa da abin sara ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce, idan lanƙwasasshen kaifi ya sauka a kan abu, ɗan guntun wuri ne yake fara taɓawa, don haka ƙarfin saran duka yana taruwa a wannan guntun wuri kafin sauran kaifin ya biyo baya. Hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi, ita ce lanƙwasar tana sa kaifin ya riƙa zamewa a kan abin da yake shiga, ya zama ana sara ana kuma yanka a lokaci guda. Mahauci ya san wannan ba tare da lissafi ba, domin ba ya danna wuƙa a kan nama kamar mai danna hatimi, jan ta yake yi, kuma wuƙar da ta ƙi shiga da danni sai ta wuce salin alin da zarar an ja ta. Miƙaƙƙen takobi ma yana iya yin wannan yankan idan mai riƙe da shi ya ja shi ko ya tura shi da gangan a daidai lokacin da ya sauka, amma a lanƙwasasshe siffar ƙarfen ce take yin jan, ko mai sara ya tuna ko bai tuna ba.

Ana iya ganin girman wannan tasiri da ɗan lissafi. A ɗauka cewa an wasa bakin takobi har kusurwar da ɓangarorinsa biyu suka haɗu ta zama digiri 30, wanda ba baƙon abu ba ne a takobin yaƙi. Idan kaifin ya shiga kai tsaye, abin da ake sara zai ji bakin a matsayin digiri 30 ɗin nan cif. Idan kuwa kaifin ya shiga a karkace da digiri 45, wato yana zamewa gefe daidai gwargwadon yadda yake nutsewa ciki, kaurin ƙarfen bai canza ba amma tazarar da naman yake bi kafin ya kai ga wannan kaurin ta ƙaru, sai bakin ya zama tamkar na digiri 21. Idan karkacewar ta kai digiri 60, sai ya zama tamkar na digiri 15, wato rabin na asali. Ƙarfen yana nan da ƙwarin baki mai digiri 30, wanda ba ya saurin lanƙwashewa ko ɓarewa, amma yana yanka kamar bakin da ya fi shi siranta nesa ba kusa ba, kuma wannan ita ce ribar da shamshir mai zurfin lanƙwasa yake nema, ko da ya rasa wasu abubuwan saboda ita.

Akwai wata ribar da ake yawan jingina wa lanƙwasa alhali kuwa ta kaifi ɗaya ce. A ɗauki ruwa biyu masu faɗi ɗaya, santimita 3.5, da kauri ɗaya, milimita 6. A mai kaifi ɗaya, wurin da ya fi kauri shi ne gadon baya, don haka ƙarfen yana da dukan faɗin santimita 3.5 da zai sirance a ciki kafin ya kai baki, kusurwar jikinsa kuwa ta tsaya a wajen digiri 10. A mai kaifi biyu, kaurin yana tsakiya, kowane baki rabin faɗin ne rabonsa, sai kusurwar ta ninka ta kai wajen digiri 20, kuma jiki mai saurin kauri yana cijewa a cikin abin da ya shiga. Maƙeran Turai sun san wannan matsala, shi ya sa takubban ɗamara da aka yi domin sara suke da faɗi sosai da ƙarancin kauri, aka kuma riƙa fafe musu dogon kwari a tsakiya, wanda aikinsa rage nauyi ne ba tare da rage ƙwari ba, ba hanyar gudun jini ba kamar yadda ake yawan faɗa. Saboda haka kada a ɗauka cewa takobin ɗamara ba ya sara. Ƙasusuwan waɗanda aka binne bayan yaƙin Visby a tsibirin Gotland a shekarar 1361 suna ɗauke da sara mai zurfi, musamman a ƙwauri, har akwai ƙafafun da aka datse, kuma miƙaƙƙun takubba da gatura ne makaman sara na wannan wuri da wannan zamani.

Inda miƙaƙƙe ya yi wa lanƙwasasshe fintinkau shi ne wajen suka. A takobin ɗamara, tsini da ƙota da damtsen mai suka duk suna kan layi ɗaya, don haka inda hannu ya nufa nan tsini yake zuwa, kuma nauyin jiki yana bin ƙarfen ya fita ta tsini ba tare da ya karkace ba. A lanƙwasasshe tsinin ya kauce daga layin ƙota, kuma a takobin 1796, idan aka miƙa zare daga gindin ruwa zuwa tsini, tsakiyar ruwan takan yi nesa da zaren da kimanin santimita 5. Mai suka da irin wannan sai ya karya wuyan hannu domin ya dawo da tsini kan abin da yake nufi, kuma idan tsinin ya ci karo da abu mai tauri, wani kaso na ƙarfin yana tafiya ne wajen tanƙwara ruwan maimakon tura shi ciki. Duk da haka gwanaye sun mayar da wannan aibi dabara, domin idan aka juya hannu aka kwantar da lanƙwasar a gefe, tsini yana iya zagayawa ta bayan takobin da abokin gaba ya tare da shi, ko ta gefen garkuwa, ya same shi a inda miƙaƙƙe ba zai kai ba. Dabara ce ta wanda ya ƙware, ba abin da za a dogara da shi wajen koyar da sabon soja ba.

Muhimmancin suka ya dogara ne ga abin da abokin gaba yake sanye da shi, kuma tarihin takobin ɗamara kansa shaida ne a kan haka. Masanin makamai Ewart Oakeshott, wanda ya kasa takubban Turai na wancan zamani zuwa samfura masu lamba, ya nuna yadda siffar ruwan ta riƙa canzawa tana bin sulke. Samfurin da ya ba lamba 10, na wajen ƙarni na 11, faffaɗa ne mai dogon kwari da tsini mai ɗan zagaye, an yi shi domin sara. Samfuri na 12, na ƙarni na 13, ya fara sirancewa zuwa gaba, yana sara yana suka. Samfuri na 15 kuwa, wanda ya yawaita a ƙarni na 14 da na 15 lokacin da barade suka fara rufe jiki da fallayen ƙarfe a kan sulken zobba, ya sirance tun daga gindi har zuwa tsini mai kama da na basilla, an daina fafe masa kwari, an yi masa doro a tsakiya domin ya yi tauri kada ya lanƙwashe wajen suka. Dalili a bayyane yake. Yanka, komai kyansa, ba ya yin komai ga sulken zobban da aka ɗaure kowanne da ƙusa, balle fallen ƙarfe, kaifin zamewa kawai yake yi ya dakushe. Abin da ya rage shi ne a nemi kafa a hammata ko a maƙogwaro ko a lanƙwasar gwiwar hannu, a cusa tsini cikin zobe a buɗe shi da ƙarfi, kuma wannan aiki ne da lanƙwasasshen takobi bai dace da shi ba ko kusa.

Mahayan Folan na ƙarni na 17 sun warware gardamar sara da suka ta hanyar da ta fi kowace sauƙi, domin barden da ke rataye da shabla a kugu yakan ɗaura wani dogon miƙaƙƙen takobin suka a jikin sirdi ƙarƙashin cinyarsa, ya zaro wanda ya dace da wanda ke gabansa. Yaɗuwar lanƙwasasshe zuwa yammacin Turai a ƙarni na 18, ta hannun mahayan Hungary da sauran ƙasashe suka riƙa kwaikwayo, ta zo ne bayan bindiga ta sa yawancin sojoji sun ajiye sulke, abin sara ya koma rigar ulu da fata da nama.

Bayan ajiye sulke, doki shi ne dalili na biyu na yaɗuwar lanƙwasasshe, kuma a nan ne ya kamata a bi misali ɗaya daki daki. A ɗauka mahaya biyu sun fuskanci juna a sukuwa, kowanne yana gudun kilomita 20 a awa, wato kimanin mita biyar da rabi a daƙiƙa, don haka tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan wurin da takobi zai iya kaiwa ga abokin gaba bai wuce mita 2 ba, lokacin da kowannensu yake da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Mai miƙaƙƙen takobi yakan miƙe hannu gaba ya kafe shi, ya bar gudun doki ya yi sukar, kuma yana da riba biyu, tsininsa yana riga kaifin mai sara isa, raunin suka a ƙirji ko ciki kuma ya fi na sara kisa. Matsalarsa tana zuwa ne bayan tsinin ya shiga, domin doki ba ya tsayawa. Cikin ƙiftawar ido wanda aka soka ya koma gefe sannan baya, takobin yana cikin jikinsa, sai ƙota ta murɗe a hannu. Idan mahayi bai saki kafaɗa ya bar hannu ya bi takobin zuwa baya domin gudun dokin ya zare shi ba, ko dai a fizge masa makami, ko wuyan hannunsa ya goce, ko shi kansa ya bar sirdi.

Mai lanƙwasasshe a wannan haɗuwa ba ya bukatar ya sa ƙarfi mai yawa, abin da ke wuyansa shi ne ya sauke kaifi a daidai wuri da daidai kwanciya. Da kaifin ya taɓa, gudun doki yana jan sa, lanƙwasar tana zamewa a kan abin da aka sara tun daga inda ta fara taɓawa har zuwa tsini, sannan takobin ya fita da kansa ta ɗaya gefen, hannu bai sha jijjiga mai yawa ba, kuma juyin da ya kawo saran shi ne zai ɗauke takobin zuwa sara na gaba. Wannan ya fi amfani bayan sahu ya watse an cakuɗe, mahayi yana da abokin gaba a dama da hagu da baya, dokinsa yana juyawa, babu sararin miƙe hannu a auna tsini. Mutumin da tsoro ya kama, ko an koya masa suka, yakan koma sara, kuma hafsoshin da suka fi son lanƙwasasshe sun riƙa kafa hujja da cewa gara a ba soja makamin da ya dace da abin da hannunsa zai yi da kansa a cikin ruɗani.

Da wannan tunani John Gaspard Le Marchant, hafsan sojan doki wanda ya ga gazawar takubban Ingila a yaƙin da aka yi da Faransa a yankin Flanders, ya tsara takobin 1796 tare da maƙerin Birmingham Henry Osborn. Ruwansa ya kai kimanin santimita 83, kuma maimakon ya sirance zuwa gaba kamar takobin ɗamara, sai ya ƙara faɗi kusa da tsini, domin nauyi ya taru a inda ake sara. Littafin horon da Le Marchant ya rubuta a wannan shekara ya taƙaita sara zuwa guda shida, biyu daga sama a karkace, biyu daga ƙasa a karkace, biyu a kwance, ya kuma nace a kan cewa idan ana faɗa da mahayi, motsi ya fito daga kafaɗa da wuyan hannu, gwiwar hannu ta tsaya a miƙe, domin lanƙwasa ta yana fito da damtse daga bayan kariya ya miƙa shi ga kaifin abokin gaba. Sojan Prusiya sun kwaikwayi wannan takobi a shekarar 1811, shi kuwa Le Marchant harsashi ne ya kashe shi a yaƙin Salamanca a 1812 yana jagorantar sukuwar mahayansa. Wani hafsan Faransa, Charles Parquin, wanda ya yi yaƙi da Ingilishi a Sifen da Fotugal, ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa mutanensa suka suke yi, Ingilishi kuwa sara, kuma yawancin saran nasu yana sauka ne da faɗin ruwa maimakon kaifi, sai dai wanda ya sauka daidai ɓarnarsa ba ta da kyan gani.

Wannan shaida ta Parquin ta taɓo babban abin da ke ɓata sara da kowane irin takobi, wato rashin daidaita kaifi da hanyar da ruwan yake bi. Idan ruwan ya karkace ko da 'yan digiri kaɗan ne, kaifin yakan fara shiga sannan ya murɗe, saran ya tsaya a sama, wani lokaci ruwan ya tanƙware ya ƙi komawa. Ana gane haka tun kafin a taɓa komai, domin ruwan da ya daidaita, musamman mai kwari, yana yin siririn fito a iska, wanda ya karkace kuwa sai dai a ji buu. Ana kuma gane shi a abin da aka gwada sara a kai, kamar damin kara ko naɗaɗɗiyar tabarma, inda saran kirki ke barin fuska shafaffiya, na banza kuma ya bar ta a kwarfe ko a yage. Ana cewa lanƙwasa tana taimakawa a nan, saboda nauyin ruwan yana bin bayan layin ƙota a lokacin sara, yana jan kaifi ya fuskanci gaba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma abin da ya faru da mahayan Ingila ya nuna cewa taimakon bai kai ya maye gurbin horo ba. Abu na biyu da ke ɓata sara shi ne sauke shi a inda bai dace ba a tsawon ruwan. Kowane takobi yana da wani wuri, yawanci wajen kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na tsawon ruwa daga ƙota, wanda idan shi ya taɓa, hannu ba ya jin girgiza. Ana samun sa ta hanyar riƙe takobi a tsaye a bugi gefen ƙota da tafin hannu, sai ruwan ya yi karkarwa ko'ina in ban da wannan wuri.

Sai kuma batun wasa baki, wanda yankan lanƙwasasshe ya fi saran miƙaƙƙe dogara a kansa. Louis Nolan, hafsan sojan dokin Ingila, ya ba da labari a littafinsa na 1853 cewa ya yi mamakin irin raunukan da mahayan Nizam, sarkin Hyderabad, suke yi da takubbansu, da ya bincika sai ya tarar tsofaffin ruwan takubban Ingila ne da aka jefar, aka sake musu ƙota, aka wasa su sosai, aka ajiye su cikin kube na itace. Sojan Ingila kuwa kube na ƙarfe suke da shi, wanda ke cin bakin takobi duk lokacin da aka zare ko aka mayar, ko doki ya yi ta jijjiga shi a kan hanya. Mai takobin ɗamara yana da wata 'yar sa'a a wannan fanni, domin idan baki ɗaya ya dakushe ko ya ɓare, juya ƙota kawai zai yi a tafin hannu ya samu sabo.

Amfanin baki na biyu ya wuce zama na ajiya. Malaman takobi na Jamus sun raba bakunan biyu da suna, wanda ke fuskantar gaɓoɓin yatsu suka kira dogo, wanda ke fuskantar damtse suka kira gajere, kuma da gajeren ake sara daga ƙasa zuwa sama, ko a dawo da sara ta hanyar da ya bi ba tare da an juya hannu ba, ko a leƙa ta saman takobin abokin gaba bayan ƙarafan biyu sun haɗu. Mai kaifi ɗaya dole ne ya juya wuyan hannu ko ya zagayo da ruwan kafin ya sake sara, shi ya sa horon lanƙwasasshe ya cika da juye-juyen da'ira inda ƙarshen wani sara yake zama farkon wani. Maƙera sun rage wannan giɓi da wasa bayan ruwan kusa da tsini, kamar tsawon taƙi guda, kuma a kilij wannan ɓangare, wanda Turkawa ke kira yalman, har faɗi aka ƙara masa. Gadon baya mara kaifi yana da nasa amfanin, domin ana iya dafa shi da hannun hagu a ƙara ƙarfin tarewa ko na danna yanka idan an matsu da juna.

Abin da hannun hagu yake yi shi ne ya tsara ƙotar kowannensu. Littafin koyar da takobi mafi tsufa da ya rage a Turai, wanda aka rubuta da Latin a ƙasar Jamus wajen shekarar 1300, yake kuma ajiye a gidan tarihin makamai na Leeds da lamba I.33, yana nuna takobin ɗamara tare da ƙaramar garkuwa wadda faɗinta bai fi na faranti ba, kuma a yawancin zanensa hannayen biyu suna tafiya tare, garkuwar tana rufe hannun da ke riƙe da takobi duk inda ya miƙa. Saboda haka gittaccen ƙarfe guda ya wadatar, tunda akwai garkuwa, daga baya kuma safar hannu ta ƙarfe. Mahayin 1796 hannun hagunsa yana kan linzami, ba shi da garkuwa ba shi da safar ƙarfe, takobin ne makaminsa kuma shi ne kariyarsa, don haka aka yi wa ƙotar wani ƙarfe da ya zagayo ta gaban yatsu mai siffar likkafa, aka koya masa tare sara da kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke kusa da ƙota, inda ƙarfen ya fi kauri kuma hannu ya fi iko. Talwar ta bi wata hanyar, domin ƙotarta gajeruwa ce mai faifan ƙarfe a gindi wanda ke tokare wuyan hannu ya hana shi miƙewa, sai sara ya koma fitowa daga gwiwar hannu da kafaɗa, ruwan yana wucewa kusa da jiki yana jan yanka mai tsawo, mai ita kuma yakan riƙe garkuwa domin cike abin da ya rasa na tazara.

Hafsoshin Turai sun shafe dukan ƙarni na 19 suna jayayya tsakanin sara da suka, kuma yawancin takubban da suka fito daga wannan jayayya masu 'yar lanƙwasa kaɗan ne da tsini irin na mashi, waɗanda aka so su yi aiki biyu, masu riƙe su kuwa suka yi ta kukan cewa ba su gamsar a ko ɗaya ba. Faransa tun zamanin Napoleon ta raba aikin, ta ba manyan mahayanta masu sulken ƙirji dogayen miƙaƙƙun takubba domin sukuwar sahu, ta bar lanƙwasassu ga ƙananan mahaya masu leƙen asiri da bin sawun waɗanda suka karye. Ingila ta yanke hukunci a shekarar 1908 da takobin da aka yi domin suka zalla, siriri, miƙaƙƙe, mai ƙotar da aka sassaƙa yadda tsini zai hau layin damtse da zarar an miƙe hannu, Amurka kuma ta bi da makamancinsa a 1913 bisa tsarin George Patton. Da takobin 1908 mahayan Ingila suka shiga yaƙin 1914, inda bindiga mai sarrafa kanta da wayar ƙaya suka rage wa sukuwar doki fili har ba a samu isassun haɗuwar takobi da takobi da za su nuna ko hukuncin ya yi daidai ba.